Yadda Ake Gyara Tsohon Fayil ɗin Silaid Domin Sabbin Masu Sauraro

Ƙanena yana aiki da wani ƙaramin kamfani mai haɗa sola a nan Kaduna. A farkon 2023 sun shirya fayil ɗin PowerPoint mai shafi 34, da Turanci, suka kai gaban ma'aikatan wani banki suna neman rance. Bayan an kwana biyu sai wata ƙungiyar teloli a Kasuwar Barci ta ba su minti ashirin a taronta na wata, su zo su yi bayanin solar da suke bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Ya shigo wurina da kwamfuta a hannu ya ce, "Yaya, ai muna da silaid tun na banki. Kwanan wata kawai zan canza, in mayar da rubutun Hausa."

Na ce masa ya rufe kwamfutar tukuna. Ma'aikacin banki abin da yake son ji shi ne ko kuɗinsa zai dawo. Tela kuwa yana son ya san nawa zai riƙa fitarwa a wata, kuma wa zai kira in abin ya lalace ana saura kwana uku Sallah. Fayil ɗin da aka gina don amsa tambayar farko ba zai amsa ta biyu ba, ko da an fassara shi harafi bayan harafi. Ga yadda muka yi aikin, bi da bi.

Kafin a taɓa ko shafi ɗaya

Abu na farko, a ajiye kwafi. Buɗe tsohon fayil, ka shiga File sannan Save As, ka ba shi sabon suna mai ɗauke da sunan masu sauraro da watan taron. Na sha ganin wanda ya yi gyara a kan na asali, ya goge shafukan lissafi, bayan wata shida aka ce ya kawo su, babu.

Daga nan ka ɗauki takarda da biro, ka rubuta amsar tambaya uku. Su wa za su zauna a gabanka, kuma me suka riga suka sani? Me kake so su yi idan ka gama? Minti nawa ne naka na haƙiƙa?

Ta biyun ce ke wahalar da mutane. Ƙanena da farko ya rubuta "su fahimci amfanin sola". Na ce wannan ba aiki ba ne, babu telan da ke Kasuwar Barci da ke buƙatar a gaya masa cewa man janareto na cin riba. Da muka matsa, sai jimlar ta koma haka: "Duk mai sha'awa ya rubuta sunansa da lambar shagonsa yau, mu zo mu duba kayan wutarsa kyauta." Wannan jimlar ita ce ma'aunin da za a ɗora kowane shafi a kai.

Batun lokaci kuma, minti ashirin na taron ƙungiya ba ashirin ba ne. Za a buɗe da addu'a, shugaba zai gabatar da baƙi, kai ma dole ka gaisa da dattawa yadda ya kamata, ga tambayoyi a ƙarshe, kuma da an kira La'asar taro ya tashi. Muka ƙiyasta minti goma sha biyu na magana. Shafin da ke ɗauke da lissafi kan ci minti ɗaya da rabi zuwa biyu, na hoto kuwa rabin minti ya ishe shi. Kenan ba mu da wurin da ya wuce shafi tara ko goma. Sanin wannan adadi tun farko shi ke ba mutum ƙarfin zuciyar yankewa.

Yankewa

Kada ka fara daga shafi na ɗaya kana gyara rubutu. In ka yi haka za ka ɓata awa biyu kana ƙawata shafin da a ƙarshe zubar da shi za a yi, kuma da ka sha wahala a kansa sai ka kasa rabuwa da shi. Ka shiga View ka danna Slide Sorter, duk shafukan su bayyana ƙanana a gabanka kamar an shanya su a tabarma.

Da muka shanya namu, ga abin da ya fito. Shafin take ɗaya, na jerin batutuwa ɗaya. Huɗu na tarihin kamfani da ma'aikatansa. Shida na girman kasuwar sola da matsalar wuta a Najeriya. Biyar na bayanin kayan, wato faifai, batir da inbata. Uku na kwastomomin gwaji. Biyu na abin da kwastoma zai kashe da abin da zai rage masa. Bakwai na hasashen kuɗin shiga da ribar kamfani. Uku na haɗurra da yadda za a biya banki. Sai shafin neman rancen, sai na godiya.

Kowane shafi sai ka yi masa tambaya guda: in na cire shi, mai sauraro zai kasa yanke shawarar da nake so ya yanke? Amsar za ta jefa shi cikin ɗaya daga kashi uku. Akwai wanda zai tsaya. Akwai na ko-ta-kwana, wanda ba za ka nuna ba sai an tambaya. Akwai wanda zai fita gaba ɗaya.

Shafuka shida na girman kasuwa su suka fara tafiya, kuma a nan ne muka ɗan yi gardama, domin ƙanena ya yi sati yana tattara alƙaluman da ke cikinsu. Amma banki ne ba ya zama a kasuwa, shi ya sa aka nuna masa cewa akwai matsalar wuta. Ka tsaya gaban mutumin da ke tayar da janareto kullum kana nuna masa taswirar Najeriya don ya yarda babu wuta, ai sayar da kura ne ga mai kura. Shafin jerin batutuwa ma ya fita, don maganar minti goma sha biyu ba ta buƙatarsa. Daga tarihin kamfani muka bar ɗaya tak.

Bakwai ɗin nan na ribar kamfani su ne masu haɗari, kuma a kansu nake so in ja kunne. PowerPoint yana da Hide Slide, wanda ke hana shafi fitowa lokacin nuni. Mutane da yawa suna ɓoye irin waɗannan shafuka su ɗauka sun gama. Shafin da aka ɓoye yana nan daram a cikin fayil. Ranar da sakataren ƙungiya ya ce a tura masa ta WhatsApp, ya buɗe, zai ga sarin kayanku da ribar da kuka ɗora, gobe kuma labari ya zaga kasuwa. Abin da ba na waɗannan mutanen ba ne, a goge shi daga sabon kwafin. Hide Slide na shafukan ko-ta-kwana ne kawai.

Shafi huɗu muka bari a wannan kashin: uku na bayanin kayan dalla-dalla, saboda a kowane taro ba a rasa mutum ɗaya da ya san harkar wuta ya tambayi ƙarfin inbata, da kuma ɗaya daga shafukan haɗurra da muka sake rubutawa ya zama bayanin abin da zai faru idan mutum ya gaza biyan wata guda. Ka kai su can ƙarshen fayil, ka ɓoye su, ka rubuta lambobinsu a takarda. Lokacin nuni, in ka buga lambar shafi ka danna Enter, zai kai ka can kai tsaye ko da a ɓoye yake.

Da ƙura ta lafa, shafi bakwai suka tsaya, huɗu suna jiran tambaya, 23 suka fita. Sai a lokacin ne giɓin ya bayyana. Duk cikin shafi 34 babu ko ɗaya da ya faɗi nawa tela zai bayar a farko da nawa zai riƙa biya a wata, don banki bai damu da wannan ta fuskar tela ba. Babu kuma wanda ya ce ga abin da za ku yi yau. Muka ƙirƙiri waɗannan biyun sababbi, suka zama tara.

Sake jeri

Tsohon fayil ya bi tsarin da masu ba da bashi suka saba da shi: ga mu, ga kasuwa, ga hajarmu, ga riba, ga abin da muke nema. In ka cire shafuka kawai ka bar sauran yadda suke, wannan ƙashin bayan yana nan, sai ka ga ka fara da tarihin kamfani ga mutanen da ba su riga sun ga dalilin damuwa da kamfaninka ba.

Dabarar da nake bi ita ce in zauna a kujerar mai sauraro in jera tambayoyinsa yadda za su zo masa a rai. Na sa ƙanena ya tuna hirar da yake yi da teloli idan ya shiga shagunansu. Ya ce kullum da kukan kuɗin mai ake farawa. Sai su ce, zai ɗauki keken nawa? Sai, nawa ne? Sai, yaushe zan huta da biya? Sai, wa ya taɓa sawa? Sai, in ya lalace fa? Daga ƙarshe ne suke tambayar ina ofishinku yake.

Jerin kenan, ba mu ƙara komai ba. Bayan shafin take, tsohon shafi na 21, na kuɗin mai a wata, ya dawo na biyu. Shafin abin da solar ke ɗauka ya zama na uku, kuma muka ƙara masa abin da ba ta ɗauka, musamman dutsen guga na lantarki, don gara a faɗa a taro da a zo ana rigima bayan an saka. Sabon shafin farashi da biya ya zama na huɗu, na lokacin da kuɗi zai dawo ya bi masa. Sai telan gwaji, sai garanti da gyara. Tarihin kamfani da ke kan gaba a da ya koma na takwas, ya kuma rage saura hoton ofis, kwatancen wurin da fuskar mai gyara. Na tara shi ne abin da za a yi yau, kuma shi zai zauna a bango duk tsawon tambayoyi. Shafin "Mun gode" ba shi da aiki, godiya da baki ake yi.

Akwai gwajin da ke nuna ko jerin ya zauna. Ka mayar da taken kowane shafi cikakkiyar jimla mai faɗin abu, ba sunan batu ba. Maimakon "Farashi", ka rubuta "Kafin alƙalami naira 150,000, sai naira 50,000 duk wata har wata 12". Sannan ka karanta taken tara ɗin a jere da ƙarfi, ba tare da duba sauran rubutun ba. In labarin ya tafi sumul, ka gama. In ka ji kana cewa "to, bari mu koma baya kaɗan", akwai shafin da ba a mazauninsa yake ba.

Bayan an motsa shafuka kuma sai a bi sawun igiyoyin da suka tsinke. Mun tarar da "kamar yadda muka gani a shafi na 9" a shafin da yanzu shi ne na biyu, ga kuma gajerun sunaye na Turanci da aka yi bayaninsu a shafin da muka goge.

Sabunta alƙaluma, inda aka fi yin ɓarna

An rubuta tsohon fayil kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ci gaba da hawa. A watan Yunin shekarar kuma Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Faifan sola da batir daga waje ake shigo da su. Kenan duk wata lamba mai naira a fayil ɗin abar tuhuma ce.

Ga lissafin da ke tsohon shafin. Shagon da ke ƙona lita 2 a rana, kwana 26 a wata, yana shan lita 52. A naira 195 da aka sa a lokacin, naira 10,140 kenan a wata. Kayan solar suna naira 300,000. In ka raba, kuɗin zai dawo cikin kusan wata 30, shi ya sa taken shafin ya ce shekara biyu da rabi.

Ƙanena ya tsaya gidan mai a hanya ya ga farashin ranar, mu ce naira 900. Ya sa a shafin kuɗin mai: lita 52 sau 900, naira 46,800 a wata. Ya raba 300,000 da wannan, ya samu wata shida da 'yan kwanaki, ya yi murmushi ya ce, "Yaya, wannan ai da kansa zai sayar da kansa." Na tambaye shi, yau nawa kuke sayar da kayan? Ya yi shiru, sannan ya ce 750,000. Rabon gaskiya shi ne 750,000 a kan 46,800, wato wata 16. Har yanzu labari ne mai daɗi, ya fi na da nesa ba kusa ba, amma da ya shiga taro da wata shida, telan da ya iya lissafin yadi da kai zai kama shi kafin ya kai shafi na gaba, kuma daga nan ko gaskiya ya faɗa ba mai saurara.

Gyara rabi da rabi ya fi rashin gyara muni, domin tsohuwar lamba ko ba komai ta yi daidai da 'yan'uwanta. Saboda haka nake yin haka: in buɗe takarda mai gida huɗu, in bi shafukan da suka tsaya in kwafe kowace lamba, in rubuta shafin da take, inda aka samo ta, da kuma waɗanne lambobi ne aka haifa daga gare ta. Farashin mai da farashin kaya su ne iyaye. Kuɗin wata da tsawon lokacin dawowar kuɗi 'ya'ya ne. Ka gyara iyaye duka tukuna, sannan ka sake lissafa 'ya'yan, sannan ka duba taken shafi, don lamba kan ɓuya a cikinsa da kalmomi, kamar "shekara biyu da rabi" ɗin nan. A ƙasan shafin mai muka rubuta watan da aka ɗauki farashin, saboda wanda zai gaji fayil ɗin.

Lambar da ka kasa gano asalinta, cire ta. Akwai wani kaso cikin ɗari a shafin telan gwaji da babu wanda ya tuna inda ya fito, muka goge shi. Muka kuma kira telan kansa, mu ji ko kayan suna aiki har yanzu, kuma ko ya yarda a nuna hotonsa. Izinin da ya bayar don a nuna wa banki daban ne da a haska fuskarsa gaban abokan sana'arsa.

Ba lamba kaɗai ke tsufa ba, kalma ma tana canza nauyi. Tsohon fayil cike yake da batun kuɗin ruwa, yaren banki. A gaban teloli tambayar da za ta fara fitowa daga bakin wani dattijo ita ce ko akwai riba irin wadda addini ya hana a cikin biyan nan. Sai muka sa shafin farashi ya nuna jimlar ƙarara: 150,000 da 50,000 sau 12, naira 750,000, farashin da aka yanke tun farko, ba ya ƙaruwa. In tsarinku ba haka yake ba, kada ka rufe, ka faɗi yadda yake.

Wuraren da tsohon abu ke maƙalewa

Ctrl+H yana buɗe Replace, ka nemi sunan bankin da "2023" ka canza. Sai dai ba ya ganin rubutun da ke cikin hoto, don haka duk shafin da aka manna hoton jadawali sai ka duba da ido. Tambari ko rubutun ƙasan shafi da ya ƙi danna yana cikin View sannan Slide Master, a can muka samu "an shirya domin kwamitin rance" yana bin kowane shafi. Ka buɗe Notes na kowane shafi, don a nan mutane ke rubuta abin da ba sa so a ji. Zanen ƙididdiga kuma, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Edit Data: wani lokaci duk takardar Excel ɗin da aka manno tana ciki, har da lissafin da zanen bai nuna ba. In haka ne, sake zana shi da lambobin da ake buƙata kawai. A ƙarshe ka bi File, Info, Check for Issues, Inspect Document, zai nuno sharhi, sunan marubuci da bayanan da suka rage. Yi wannan a kan kwafin da za ka tura, don abin da ya share ba lallai ya dawo ba.

Rubutun Hausa yana da tasa matsalar. Ba kowane salon rubutu ke da ɓ, ɗ, ƙ ba, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa daban ko akwatin banza a wata kwamfutar. Rubuta "ƙarƙashin ɗakin ɓoye" ka gwada kafin ka fassara komai. Hausa kuma ta fi Turanci tsawo a rubuce, don haka kada ka rage girman rubutu don ya shiga, ka rage kalmomi. Mu ba mu sauka ƙasa da 28 ba.

Gwaji a wurin

Slide Show sannan Rehearse Timings zai ƙirga maka lokaci. Yi da baki, a tsaye, da Hausar da za ka yi a can. Gwajin farko ya ci minti 17, saboda ƙanena yana ta dawo da labarin girman kasuwa da baki ko da yake shafukan sun tafi. Na biyu ya sauko 13. In PowerPoint ya tambaye ka ko a ajiye lokutan, ka ce a'a, ko ka cire alamar Use Timings, in ba haka ba shafuka za su riƙa wucewa da kansu kana tsakiyar amsa wa Alhaji tambaya.

Kwana ɗaya kafin taron ƙanena ya je ya ga ɗakin. Majigin aro ne, tsoho, mai kusan murabba'in fuska, kuma igiyarsa VGA ce alhali kwamfutarsa HDMI kawai gare ta, sai da ya nemo mahaɗi. Ɗakin yana da haske sosai, baƙin bangon shafukan da ya yi kyau a ofishin banki ya dusashe, muka mayar da shi fari da baƙin rubutu. A Design sannan Slide Size ya koma 4:3, ya zaɓi Ensure Fit, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya yana daidaita abin da ya goce. Ya fitar da PDF na shafuka taran ya sa a waya da filashi, bayan ya tabbatar a Options cewa ba a haɗa da na ɓoye ba. Shafin farashi kuwa ya buga kwafi arba'in a takarda, saboda in wuta ta ɗauke a tsakiyar magana, da takardar nan a hannun kowa zai iya ci gaba daga shafi na huɗu.